Alƙalin Da Ke Cikin Gida: Kada A Hukunta Yaro Ana Cikin Fushi

Sahabin nan Abu Bakrata, Allah Ya yarda da shi, ya aika wa ɗansa Ubaidullahi wasiƙa a lokacin da ɗan yake alƙalanci a Sijistan. Abin da ya gargaɗe shi a kai guda ɗaya ne: kada ya yanke hukunci tsakanin mutum biyu alhali yana cikin fushi, domin shi da kansa ya ji Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana hana haka. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito wannan hadisi, kuma malaman fiƙihu sun gina babi a kansa cikin ladubban alƙali. Ba su tsaya kan fushi kaɗai ba. Sun ce duk abin da ke dagula tunani hukuncinsa ɗaya da fushi, kamar matsananciyar yunwa da ƙishirwa, da gyangyaɗi, da ciwo mai tsanani, da baƙin cikin da ya cika zuciya.

Mun saba karanta wannan hadisi mu miƙa shi ga alƙalan kotu. A ganinmu gidajenmu sun fi kotu buƙatarsa. Alƙalin kotu ba shi aka yi wa laifin ba, ba shi ne shaida ba, ba kuma shi ke riƙe bulala ba. Akwai magatakarda da ke rubuta abin da ya faɗa, akwai wanda za a ɗaukaka ƙara zuwa gare shi idan ya yi kuskure. Duk da wannan shinge, shari'a ta ce ya dakata idan ransa ya ɓaci. Uba ko uwa kuwa, a gaban yaro ɗan shekara 7, su ne masu ƙara, su ne shaidu, su ne alƙalai, su ne masu zartarwa, kuma ana gama shari'ar duka kafin a ƙirga goma. Wanda ake tuhuma ba shi da lauya, bai ma iya tsara maganar da zai kare kansa da ita ba. Idan an hana wancan alƙali yin hukunci cikin fushi, da wace hujja za a halasta wa wannan?

Kowane magidanci ya san yadda abin ke ƙarewa. Tsawa ta tashi, mari ya sauka, baki ya furta abin da ba a shirya ba. Bayan sa'a guda gida ya yi tsit, yaro ya yi barci yana ajiyar zuciya, uwa ta zauna gefen tabarma tana duban shatin yatsunta a kumatunsa, ta rasa abin da ke mata daɗi. Wannan nadama alheri ce, domin alama ce ta zuciya mai rai. Sai dai da-na-sani ƙeya ce, kullum a baya take zuwa. Akwai gidajen da wannan nadama ke kwana a cikinsu sau uku a mako shekara da shekaru, ba tare da wani abu ya canza ba, saboda ana yaƙar fushin ne a wurin da ba a iya cin nasara a kansa, wato bayan hannu ya riga ya ɗaga.

Labarin Abu Mas'ud Albadari, wanda Muslim ya ruwaito, ya nuna mana dalili. Ya ce wata rana yana dukan wani yaro bawansa da bulala, sai ya ji murya a bayansa tana kiran sunansa, amma bai gane muryar ba saboda fushi. Sai da mai maganar ya matso kusa sannan ya ga ashe Manzon Allah ne, yana tunatar da shi cewa ikon da Allah ke da shi a kansa ya fi ikon da shi yake da shi a kan yaron. Abu Mas'ud ya yar da bulalar, ya 'yanta yaron nan take, Annabi kuma ya sanar da shi cewa da bai yi haka ba da wuta ta shafe shi. A tsaya a dubi wannan gaɓa da kyau. Sahabi ne, ya san muryar Annabi kamar yadda ya san tasa, amma fushi ya toshe masa kunne har bai shaida ta ba. To mutumin da fushi ya hana shi gane wannan murya, ta yaya ɗan'uwansa na yau zai ji bayanin ƙaramin yaro da ke in'ina cikin kuka yana cewa ba da gangan ya yi ba?

Likitoci suna da bayanin da ya dace da wannan. Idan fushi ya taso, jiki kan zubo sinadaran da ke shirya mutum don faɗa: bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya gajarta, jijiyoyi su ɗaure, hankali ya taƙaita kan abu guda. Sashen ƙwaƙwalwa da ke auna sakamako, wanda ke bayan goshi, aikinsa kan yi rauni a wannan hali. Kuma waɗannan sinadarai ba sa bajewa da zarar mutum ya so. Jiki kan ɗauki mintuna masu yawa, wani lokaci 20 ko fiye, kafin ya koma daidai. Wannan sashe na ƙwaƙwalwa shi ne na ƙarshe wajen kammala girma, ba ya cika sai mutum ya haura shekara 20. Ashe ke nan babban da fushi ya kwashe masa linzami na ɗan lokaci yana hukunta yaron da nasa linzamin bai gama ƙeruwa ba tukuna, a kan laifin rashin linzami.

Saboda haka magungunan da Sunna ta ba mai fushi ba su dogara da dogon tunani ba. Dukkansu ayyuka ne gajeru da jiki ke iya yi ko da hankali ya gushe rabi. A hadisin Sulaimanu ɗan Surad, wanda ke cikin Bukhari da Muslim, mutum biyu sun yi zage-zage a gaban Annabi har fuskar ɗayansu ta yi ja, sai Annabi ya ce ya san kalmar da za ta kore masa abin da yake ji, ita ce neman tsarin Allah daga Shaiɗan. A hadisin Ibn Abbas, da Imamu Ahmad ya ruwaito, an umarci mai fushi da ya yi shiru. A hadisin Abu Zarri, da ke cikin Abu Dawud, an ce idan yana tsaye ya zauna, in fushin bai tafi ba ya kwanta. Akwai kuma hadisin da ya yi umarni da alwala. Malaman hadisi da dama sun raunana isnadinsa, amma ba wanda ya ce alwala da ruwan sanyi tana cutar da mai fushi, ga shi kuma tana tilasta masa barin wurin.

A dubi waɗannan a tsakar gida, a gaban yaro, za a ga hikimarsu ta ƙara fitowa. Shiru yana rufe ƙofar zagi da tsinuwa. Zama kuwa yana karya duka, domin mari da shuri daga tsaye suke samun ƙarfi, wanda ya zauna a kan tabarma sai ya sake miƙewa kafin ya kai hannu, wannan miƙewar kuma dama ce ta biyu. Zaman yana kuma sauko da fuskar babba daidai da ta yaro, sai ya ga tsoron da ke cikin idonsa, wanda ba a gani daga sama. Ko kalmar da Alƙur'ani ya yabi masu haɗiye fushi da ita a Suratu Ali Imrana, aya ta 134, masana lugga sun ce asalinta daga ɗaure bakin salka ne bayan ta cika da ruwa. Salkar a cike take. Ba a nemi mutum ya daina jin fushi ba, abin da aka nema shi ne ya ɗaure bakin kafin ruwan ya zube.

Muna ba da shawarar a ƙara wa wannan wata ƙa'ida ta gida, mai sauƙin riƙewa: duk laifin da ya ɗaga ran babba, hukuncinsa sai bayan salla mai zuwa. Laifin da aka yi da hantsi a duba shi bayan Azahar, na yamma a duba shi bayan Magariba ko Isha'i. Tazarar ta isa jiki ya huce, a cikinta akwai alwala da sujada, kuma ba ta yi nisan da za a ce an manta da laifin ba.

Bari mu bi misali guda daki-daki. Uwa ce ta ɗora miya saura kaɗan a kira Magariba, ta ga manja ya ƙare. Ta ba ɗanta mai shekara 8 naira 2,000 da kwalba, ta aike shi shagon bakin layi, tafiyar da ba ta wuce minti biyar ba. Sai bayan rabin sa'a ya dawo, hannu ba kwalba, riga duk manja, yana cewa wani ne ya bangaje shi. Albasa ta ƙone a tukunya, maigida ya kusa dawowa, kuɗin nan kuma su ne na ƙarshe a hannunta. Ga muciya a kusa.

Idan ta yanke hukunci a wannan daƙiƙa, dukan da zai sauka a jikin yaron na abubuwa biyar ne a haɗe: jinkirinsa, da kwalbar, da miyar da ta ƙone, da tsadar kayan cefane, da maganar da take tsoron maigida zai faɗa. Biyu na farko kaɗai suka shafe shi. Sauran ukun haushin kaza ne ake hucewa a kan dami. Yaron kuma ba zai iya rarrabewa ba. Darasin da zai ɗauka shi ne, in ka yi ɓarna kada ka dawo gida da gaskiya.

A ɗaya hanyar kuwa, ta nemi tsari, ta ajiye muciyar, ta zauna a kan kujerar tsuguno. Ta dubi hannunsa da ƙafarsa ko kwalba ta yanke shi, domin wannan ne abin gaggawa. Sannan ta faɗi magana ɗaya tak: “Raina ya ɓaci yanzu. Je ka canza riga ka yi alwala, bayan Magariba za mu yi magana.” Wannan jimla tana da amfani biyu. Ta sanar da yaro cewa ba a yafe laifin ba, ta kuma ɗaure uwar da alkawarin da zai hana ta ɗaga hannu kafin lokacin. Miya ta koma ta man gyaɗa, ko a aro cokali biyu a maƙwabta, daren dai zai wuce.

Bayan salla ta zaunar da shi, ta tambaye shi abin da ya faru tun daga fitarsa. Yanzu da ba muciya a sama, sai ya ce: “Umma, na tsaya kallon ƙwallo ne, da na ga yamma ta yi sai na rugo, na yi tuntuɓe.” Da wannan magana shari'ar ta rabu gida uku. Tsayawa kallon ƙwallo a kan aike laifi ne, kuma da saninsa ya yi. Faɗuwar kwalba tsautsayi ne da gudun ya jawo. Cewa an bangaje shi ƙarya ce da tsoro ya haifa, ya kuma janye ta da kansa. Na farko shi ya cancanci hukunci, kuma hukuncin ya fito daga jikin laifin: kwana biyu ba fita wasan yamma, gobe kuma shi za a sake aika, a duba agogo tare da shi kafin ya fita da bayan ya dawo. Na uku a nuna masa muninsa, a kuma gaya masa cewa komawarsa ga gaskiya ta rage masa hukunci, domin ya san gaskiya tana da riba a gidan nan.

Asarar naira 2,000 fa? A nan fiƙihunmu na Malikiyya yana da magana mai sanyaya zuciya. Malamai sun ce wanda ya ba yaron da bai balaga ba ajiya, yaron ya lalata ta, babu ramuwa a kan yaron, domin mai kayan shi ya ɗora shi a kansu. Wanda ya miƙa wa ɗan shekara 8 kwalbar da ke fashewa, da magariba, cikin gaggawa, ya ɗauki kasonsa na abin da zai biyo baya. Gobe a ba shi gora ta roba. Uwar da ta jira bayan salla takan ga wannan da kanta, abin da mai muciya a hannu ba za ta taɓa gani ba.

Mun san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ka ƙi naka duniya ta so shi, mu ma da bulala aka rene mu ga shi mun zama mutane. Za su kuma kawo hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, na umartar yara da salla suna da shekara 7 da dukansu a kanta suna da 10. Ba mu kira a saki yara sakaka ba. Gidan da ba a cewa “bari” shi ma yana cutar da yaro. Amma a sake karanta hadisin da idon lissafi. Salla ce ake magana a kai, mafi girman aiki bayan kalmar shahada, duk da haka an sa shekara uku tsakanin fara umarni da fara hukunci. Salla biyar a rana cikin shekara uku ta haura 5,000. Tunatarwa sama da 5,000 ke nan kafin a ambaci duka. Mu kuwa a kan kofin shayi da ya zube, tsakanin laifi da mari ko numfashi ba a ja.

Malaman da suka halasta dukan ladabtarwa ma sun kewaye shi da sharuɗɗan da dukan fushi ba ya cika ko ɗaya. Muhammadu ɗan Sahnun, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, da Abul Hasan Alƙabisi, wanda ya rasu a 403, dukansu manyan Malikawa ne na Ƙairawan, kuma kowanensu ya yi littafi kan ladubban malamai masu koyar da yara. Sun iyakance dukan malami da uku in ba da izinin uba ba, sun hana dukan kai da fuska, sun ce ladabtarwa don amfanin yaro ake yin ta. Alƙabisi ya sa nasiha da faɗa a gaba da duka, ya hana zagin yaro da munanan sunaye irin su biri, ya kuma nuna cewa wanda ya yi duka cikin fushi ransa yake sanyayawa, hakan kuma ba adalci ba ne. Mai fushi ba ya ƙirga uku, ba ya kuma zaɓen wuri. Fuska ce ta fi kusa da hannunsa, alhali hanin dukan fuska ya tabbata a Bukhari da Muslim. Don haka ko mutum yana tare da masu ganin halascin duka, dakatawa ta zame masa dole. Abin da aka saba gani kuma shi ne, wanda ya jira bayan salla yakan tarar da cewa ba ya bukatar bulalar.

Sama da maganar kowane malami akwai aikin Annabi. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta shaida cewa bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. Anas ɗan Malik ya yi masa hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce bai taɓa jin kalmar ƙosawa daga gare shi ba. Shi ma Anas an taɓa aikensa ya tsaya wurin yara masu wasa a kasuwa, sai ya ji an riƙe ƙeyarsa, ya waiga ya ga Annabi yana dariya yana tambayarsa ko ya je inda aka aike shi. Laifin yaron manja ke nan, ba ƙari ba ragi.

Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 808 bayan Hijira, ya ware fasali a Muƙaddimarsa kan illar tsanantawa ga masu koyo. Ya lura cewa yaron da aka rena da gallazawa yakan koyi ƙarya da makirci da nuna abin da ba shi ne a ransa ba, saboda tsoron hannun da zai sauka a kansa. Wannan ita ce hanyar da iyaye za su gane ko fushinsu ya fara ɓarna. Yaro yana kare kansa da hannu idan babba ya miƙa hannu zai ɗauki wani abu kusa da shi. Yana ɓoye abin da ya fasa a bayan randa. Hira tana mutuwa da zarar an ji sallamar Baba. Yana dukan ƙaninsa da irin kalmomin da ake dukansa da su, har da irin muryar. Mafi hatsari, ya daina kawo ƙara. Yarinyar da ta san duk maganar da ta kawo tsawa za ta biyo baya ba za ta faɗa ba ranar da wani babba a unguwa ya yi mata abin da bai dace ba.

Sai batun baki, wanda a wurinmu ya fi hannu tsawon rai. A cikin dogon hadisin Jabir da Muslim ya ruwaito, wani mutum ya tsine wa raƙuminsa a tafiyar yaƙi, Annabi ya sa ya sauka daga kansa, sannan ya hana mutane yin mummunar addu'a a kan kawunansu da 'ya'yansu da dukiyoyinsu, don kada ta dace da sa'ar da Allah ke amsawa. Bahaushe ya san nauyin bakin uwa, yana kuma jin tsoronsa, amma a gidaje da yawa “Allah Ya tsine” da “ba za ka yi albarka ba” sun zama kamar “zo nan”. Akwai kuma kalmar nan ta “shege”, wadda uba ke jefa wa ɗan cikinsa ba tare da ya tsaya ya ji wa yake tuhuma da ita ba; matarsa ce, uwar yaron, take tsakar gida tana ji. Wanda ya san bakinsa na riga hankalinsa, ya zaɓi jimla ɗaya tun yana cikin natsuwa, kamar “Allah Ya shirye ka”, ya yi ta maimaita ta a kan ƙananan abubuwa har harshe ya saba. Ranar babban fushi harshe abin da ya saba yake fitarwa.

Dakatawa tana da iyaka, kuma ya kamata a san ta. Yaron da ya nufi rijiya ko murhu ko titi ba a jira masa salla. A daka tsawa, a fizge shi. Wannan ceto ne, hukunci kuwa yana nan yana jiran lokacinsa. Yaro ɗan shekara 2 ko 3 kuma ba ya haɗa maganar dare da laifin hantsi. Nasa dakatawar ta babba ce kawai, numfashi kaɗan, sannan a ɗauke shi daga wurin ko a ɗauke abin daga hannunsa. Jariri kuwa ba shi da laifi sam. Duk wanda kukan jariri ya kai shi maƙura, ya kwantar da shi a wuri amintacce ya fita na 'yan mintuna, ko ya miƙa wa wani. Jijjiga jariri da ƙarfi na iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa, da makanta, da mutuwa. Haka nan mari a kan kunne na iya fasa dodon kunne. Idan yaro ya yi kukan ciwon kunne bayan mari, ko jini ko ruwa ya fito, ko jinsa ya ragu, asibiti za a kai shi, kuma a gaya wa likita gaskiyar abin da ya faru.

Ƙiyasin da malamai suka yi wa alƙali yana da amfani a nan ma. Fushi a kan yara yana da lokutan da ya fi zuwa: safiyar makaranta idan an makara, gab da shan ruwa a watan azumi, dawowar uba daga kasuwa ranar da ba ciniki, bayan sa-in-sa tsakanin miji da mata ko tsakanin kishiyoyi. Kowa ya duba makonsa zai gane nasa lokacin. Uban da ya san yana shigowa da gajiya ya hana a tare shi da ƙarar yara a bakin ƙofa. Ya ci abinci, ya yi salla, sannan a kawo. Uwar da ta san safiya ce tarkonta ta sa a haɗa jaka da takalma tun dare. Miji da mata kuma su yi yarjejeniya cikin sirri cewa idan ɗaya ya hau, ɗayan zai janye yaron ba tare da ya ƙaryata shi a gaban yara ba. Idan kuwa fushin ya zama na kullum, yana zuwa ba dalili, tare da rashin barci da yawan kuka, musamman ga mai jego, to ya wuce wa'azi. Rashin lafiya ce mai magani, a ga likita.

Maganar nan ta haɗa da ɗalibai masu karanta wannan shafi. Yayan da aka bar wa ƙanne, da ɗalibin da aka ba aji a Islamiyya, da gardin da ke kula da ƙolo, duk alƙalai ne a kan wanda bai kai su ƙarfi ba, sau da yawa kuma hannunsu ya fi na iyaye saurin tashi. Ɗan wani ne a gabanka, iyakokin da Ibn Sahnun ya gindaya kuwa tun asali saboda irinka aka rubuta su.

To idan an riga an yi fa? Nadama tana da gurɓatattun hanyoyi biyu da aka fi bi. Ɗaya ita ce a sayo alewa a soke dokar da aka kafa, sai yaro ya koyi cewa duka kuɗin shiga ne, bayansa komai ya halasta. Ɗayar ita ce a ce “kai ka sa na dake ka”, a ɗora masa laifinsa da na babba gaba ɗaya. Abu Mas'ud bai bi ko ɗaya ba. Ya gyara abin da ke tsakaninsa da wanda ya daka. Zaluntar yaro haƙƙin bawa ne, istigfari a ɗaki shi kaɗai bai wadatar ba. A kira yaron idan an huce, a raba masa abu biyun a fili: “Abin da ka yi ba daidai ba ne, kuma hukuncinsa na nan. Amma marin da na yi maka da maganar da na faɗa, ban kyauta ba, ka yafe mini.” In an yi masa mugun baki, a janye shi yana ji, a sa masa albarka da sunansa. Wasu iyaye na tsoron wannan zai zubar musu da girma. Yaron da ya ga babansa ya ba da haƙuri ya ga yadda ake yi, kuma daga ranar za a iya neman ya ba ƙanwarsa haƙuri ba tare da ya ji an ɗora masa abin da manya ba sa yi ba.